An yi mini gwajin kitsen jini, lafiyata kalau: me waɗannan lambobi ke nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 46, an yi mana gwajin shekara a wurin aiki. Takardar ta nuna TC 6.1, TG 2.2, HDL-C 0.9, LDL-C 4.2, duka da mmol/L, kuma an sa alama a gaban kowanne. Ni kuwa babu abin da ke damuna, ko ciwon kai ba na yi. Na sha shayi da burodi kafin a ɗebi jinin. Shin in damu, ko in ajiye takardar?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ajiye ta, kuma kada ta hana ka barci. Jin da kake yi lafiyarka kalau ba ya ƙaryata takardar, domin kolastarol, wato kitsen da ke cikin jini, ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri ko kasala. A hankali yake taruwa a bangon jijiyoyin jini, shekara da shekaru, mutum yana harkokinsa. Da yawa ba sa sanin yana nan sai ranar da jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa ta toshe. Kai ka samu labari da wuri, wannan kuwa alheri ne. Ɗauko takardar mu bi ta tare.

Kafin lambobin, dubi ma'aunin. Naka mmol/L ne. Wasu ɗakunan gwaji suna rubutawa da mg/dL, inda 6.1 ɗinka zai fito kusan 236. Na sha ganin mutum ya shigo a firgice saboda ya gwada takardarsa da ta abokinsa, alhali ma'aunin ne ya bambanta.

Layin farko, TC, shi ne jimillar kolastarol ɗin da ke yawo a jininka, mai cutarwa da wanda ba ya cutarwa a haɗe. An fi so ya kasance ƙasa da 5.2. Naka ya haura, amma wannan layin kaɗai ba ya faɗa mana komai sosai, kamar a ce maka buhu ya cika ba a gaya maka hatsi ne ko ƙaiƙayi ba. Mu wuce.

TG wani nau'in kitse ne daban, kuma shi ne ya fi saurin motsawa da abin da ka ci. Ana son ƙasa da 1.7 ga wanda ya kwana bai ci komai ba. Shayinka da burodi na iya ɗaga shi, don haka 2.2 ɗin nan ba zan yanke hukunci a kansa ba tukuna. Idan an maimaita da yunwa ya zauna a nan, sai mu duba sukari da tumbi. Mutane suna ɗauka maiƙo ne kawai ke ɗaga shi, alhali sukarin shayi, lemun kwalba, zoɓo mai zaƙi, farar shinkafa da yawa da giya suna cikin manyan masu ɗaga shi. Sai ya kai 5.6 zuwa sama muke fara tsoron kumburin fankiriyas, sashen jikin da ke samar da insulin, kai kuwa kana nesa da nan.

HDL-C shi ne wanda ake kira mai kyau, domin yana kwaso kolastarol daga jiki ya mayar hanta. A nan ƙarancinsa ne matsala. Namiji ana so ya kai 1.0, mace 1.3. Naka 0.9 ya ɗan gaza. Ba a ba da magani don ɗaga shi, domin magungunan da aka gwada sun ɗaga lambar amma ba su rage bugun zuciya ba. Abin da nake karantawa a wurinka shi ne haɗuwar biyun: TG sama, HDL-C ƙasa. Wannan sau da yawa yana tafiya da tumbi, zama wuri ɗaya, da jikin da ya fara kasa sarrafa sukari. Shi ya sa zan so a auna maka sukari ko da ba ka jin ƙishirwa ko yawan fitsari.

Yanzu layin da na fi so ka tsaya a kai, LDL-C. Shi ne yake shiga bangon jijiya ya zauna, kuma shi ne wanda aka tabbatar cewa sauke shi yana rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ƙasa da 2.6 ya fi kyau, daga 3.4 an fara hawa, daga 4.1 ya yi yawa, daga 4.9 kuwa ana ba da magani ba tare da jan lokaci ba, a kuma bincika ko gado ne. Naka 4.2 ya shiga sahun mai yawa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, a ɗakunan gwaji da yawa ba a auna wannan layin kai tsaye, lissafa shi ake yi da wata ƙa'ida ta Friedewald ta 1972:

```
LDL-C = TC - HDL-C - (TG / 2.2)
```

Gwada da naka. Cire 0.9 daga 6.1, saura 5.2. Raba TG ɗinka da 2.2, ya ba da 1.0. Cire shi, ka samu 4.2 daidai. Ka ga ke nan, idan karin kumallo ya ɗaga TG, lissafin zai rage LDL-C, wato mai yiwuwa na gaskiyar ya ɗan fi abin da aka rubuta. Idan TG ya wuce 4.5 ma lissafin ba ya aiki sam. Amma riƙe 5.2 ɗin nan da ka samu a tsakiyar lissafin. Shi ne duk kolastarol ɗin da ba HDL ba, wasu takardun suna rubuta shi non-HDL-C, kuma abinci ba ya canza shi sosai. Ana son ƙasa da 3.4. Saboda haka ba za mu ɗora wa shayin laifin komai ba.

To, sai magani? Takardar ita kaɗai ba ta isa ta amsa wannan ba. Mutum biyu za su zo mini da 4.2 iri ɗaya, in ba ɗaya magani ranar, in ce wa ɗayan ya gyara abinci ya dawo. Bambancin yana jikin mutumin. Kana shan taba? Nawa ne hawan jininka? Akwai ciwon sukari ko na ƙoda? Mahaifinka ko ɗan'uwanka namiji ya taɓa samun bugun zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65? Wannan tambaya ta ƙarshe ka yi ta a gida da gaske, domin sau da yawa abin da ake faɗa shi ne wane ya yanke jiki ya faɗi, ba a ambaci zuciya ba. Idan akwai ciwon sukari a shekarunka, ana ba da sitatin, maganin sauke kolastarol, ko da lambar ba ta kai haka ba.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka maimaita gwajin da safe bayan awa 9 zuwa 12 ba ka ci komai ba, ruwa kawai, kuma ba a lokacin da kake zazzaɓi ko ka tashi daga jinya ba, domin rashin lafiya yana sauke lambobin na ɗan lokaci. A haɗa da sukari, aikin ƙoda da furotin a fitsari, sannan likitanka ya duba ko akwai buƙatar gwajin ƙwayar maƙogwaro ta tayrod, tunda raguwar aikinta na ɗaga LDL-C. Ka faɗa masa duk maganin da kake sha, har na gargajiya.

A gida kuma, abin da ke ɗaga LDL-C shi ne kitse mai daskarewa: man shanu, kitsen da ke jikin tsire da balangu, fatar kaza, manja da yawa. A rage su, a ƙara wake, kuɓewa, ganye, gyaɗa da kifi, a rage cokulan sukarin shayi, a yi tafiya mai sa gumi ta minti 30 akalla kwana biyar a mako. Gyaran abinci yakan sauke LDL-C da kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100, sitatin kuwa da kashi 30 zuwa 50. Daga 4.2, abinci kaɗai zai iya kai ka wajen 3.6 zuwa 3.8. Bayan wata uku a sake aunawa, ka tafi wurin likita da takardun biyu tare da sakamakon hawan jininka, a kansu za a yanke shawarar magani.