Wane talla ne ke kawo mai saye da araha?

"Maigida, muna talla a rediyo, muna yi a Facebook, ga takardun da muke rabawa. Ta yaya za mu gane wanda ke kawo mana masu saye ba tare da ya ci kuɗi da yawa ba?"

To yaro, samo littafi ka ja layi biyar: kwanan wata, sunan mutum, inda ya ji labarinmu, ko ya saya, da nawa ya biya. Duk wanda ya kira ko ya shigo, ka tambaye shi tun a farkon magana: "A ina ka ji labarinmu?" Kada ka ba shi zaɓi. In ka ce "a rediyo ne?", zai ce e don a wuce wurin.

Mutane na mantuwa, shi ya sa nake ba kowane talla alamarsa. A rediyo a ce duk wanda ya ambaci kalma kaza za a rage masa wani abu, takarda kuma a buga mata lambar waya ta daban.

Ƙarshen wata sai lissafi: abin da ka kashe a kan tallan, ka raba da yawan waɗanda suka saya. Waɗanda suka biya nake nufi, ban da masu tambaya. A ce rediyo ya ci 60,000, mutum 40 suka kira, 12 suka saya. Kowane mai saye ya tsaya maka a 5,000 ke nan. Facebook ya ci 30,000, saƙo 90 ya shigo, amma 5 kaɗai suka saya, wato 6,000 kowanne. Ka ga inda ake ruɗuwa? In saƙo ka ƙirga, na Facebook bai kai 350 ba kowanne, kiran rediyo kuwa 1,500, sai ka ɗauka Facebook ya fi araha, alhali wayar ce kawai ta sha ƙara. Kuma wajen haɗa abin da ka kashe, ka sa har da kuɗin bugu, ladan mai rabawa da ragin da ka yi.

Saura takardu. A ce sun ci 12,000, mutum 4 suka saya, 3,000 kowanne. Su ne kan gaba, amma ni ba na yanke hukunci a kan mutum huɗu. Da biyu ne suka fasa, lissafin ya koma 6,000. Ka bari littafin ya yi wata uku, domin wani yakan ajiye takarda sai buƙatarsa ta taso.

Layin ƙarshe na littafin ma, wato nawa ya biya, ka riƙa dubawa. In ribar da mai saye ɗaya ya bar maka 4,000 ce, tallan da ya kawo shi a 5,000 asara ce, sai fa in yana dawowa. Wanda ya ce ya ji a rediyo sannan ya nemo mu a Facebook, rubuta duka biyun, amma ka ƙirga shi a inda ya fara ji.