Gaisuwar Sallah Ba Ta Sayar da Shaddar da Tela Ya Daina Karɓa

"Malam, ina da shagon shadda, atamfa da leshi a Aboabo, nan Kumasi. Bara a daren ƙaramar Sallah ɗan yayata ya haɗa mini gaisuwar barka da Sallah mai hoto, ya rubuta cewa za mu buɗe washegarin Sallah, na biya sidi 600 aka yaɗa ta a Facebook. Ban ga ciniki ba, kuma wata Hajiya ta taso daga Tafo ta tarar da shago a kulle. Bana yana neman sidi 2,000, wai ciniki zai ninka. Ba ni da lissafin cinikin kowace rana. In ba shi?"

Alhaji, kada ka ba shi, kuma kada ka ɗora masa laifi, domin yaron ya san waya ne kawai, bai san yadi ba. Kuskuren naka ne, kuma yana cikin jimlar da ka ajiye a ƙarshe kamar ba ta da muhimmanci. Mutumin da bai san ranakun da kuɗi ke shigowa shagonsa a cikin azumi ba, ba zai san ranar da ya kamata ya yi wa abokan cinikinsa magana ba, balle ya tsara musu lokutan buɗewa da rufewa.

Da kana da littafi, da ya nuna maka abin da duk tsohon ɗan kasuwar yadi ya sani, wato Sallar mai sayar da yadi tana zuwa ne kafin ta sauran jama'a. Abin da kake sayarwa ba ya sawuwa sai ya bi ta hannun tela, kuma teloli a Aboabo da Asawase da Sabon Zango sukan fara mayar da mutane da ɗinkinsu tun azumi na wajen tsakiya, musamman babbar riga da kaftani mai aiki, waɗanda sai sun je wurin mai surfani sun dawo. Duk wanda zai sa sabuwar shadda ya je Idi ya riga ya saya makonni biyu ko uku da suka wuce. Saboda haka tallan da ya fita a daren Sallah ya iske mutane ne suna guga, ba suna neman yadi ba. Sidi 600 ɗinka ba su yi laifi ba, a makare aka aike su.

Shi kuwa zancen ninka ciniki, na gaji da jinsa. Mu ƙaddara ribarka a kan atamfa mai yadi 6 sidi 40 ce bayan ka cire kuɗin mota da dako. Kafin sidi 2,000 su dawo aljihunka, sai ka sayar da atamfa 50 ƙari a kan wanda za ka sayar ko da ba a yi tallan ba. Ka tambayi ɗan naka ta yaya za a gane waɗannan hamsin ɗin, tunda ba a san adadin bara ba. Idan ya ce dubban mutane sun ga hoton, ka ce masa gani ba ya shiga aljihu.

Na taɓa zama da wani mai shago wanda ya rantse mini cewa jajibere ce babbar ranar cinikinsa, domin a ranar ne shago ke cika har ba a samun wurin tsayawa. Ba shi da littafi shi ma, sai muka buɗe tarihin MoMo ɗinsa na watan azumi, muka jera shi rana bayan rana, muka haɗa da rasiɗan kayan da ya saro. Abin da ya fito ya sa ya yi shiru: kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin watan sun shigo ne kafin 15 ga azumi, cunkoson jajibere kuwa na masu mayafi ne da ɗankwali da hula, kayan da ribarsu ba ta kai ta shadda ba. Shekaru ya yi yana jibge leshi mai tsada a goman ƙarshe, yana kwana da shi har babbar Sallah. Kai ma ka yi wannan aikin a daren yau. Ba zai ba ka lissafin tsabar kuɗi ba, amma zai nuna maka inda cinikin ya karkata. Daga 1 ga azumi kuma ka sayi littafi, ka riƙa rubuta jimillar kowace rana da irin kayan da suka fita.

Idan ka ga haka, za ka gane cewa saƙo biyu kake bukata. Na farko shi ne na talla, ya fita a makon farko na azumi, da hoton kayan da ke shagon da gaske da farashinsu, tare da tunatar da mutane su saya kafin teloli su rufe karɓa. Idan za ka kashe kuɗi, a nan za ka kashe, kuma sidi 300 sun isa gwaji. Na biyu shi ne gaisuwar Sallah, ita kuwa ba talla ba ce, ladabi ne da sanarwa, kuma WhatsApp ɗinka ya wadatar ba tare da ka biya ko kwabo ba. Ta fita ranar 27 ga azumi, lokacin da sanin sa'o'in buɗewa zai amfani mai karantawa.

A nan ne maganar Hajiyar Tafo ta fi damuna fiye da kuɗin da ka yi asara. Duk lokacin buɗewa da aka rubuta da sunan shagonka alkawari ne, kuma wanda ba ya riƙe da makulli ba shi da ikon ɗaukarsa a madadinka. Kafin a rubuta komai, ka tsayar da wanda zai buɗe kowace rana, ka tambaye shi ko zai yi tafiyar Sallah zuwa Tamale ko Bawku. Sa'an nan kada ka ɗaure sanarwar da kwanan wata na Turawa, domin azumi yana iya zama 29 ko 30, a zangunanmu akan samu shekarar da wasu za su yi Idi yau wasu gobe, kuma ranar hutun gwamnati ba kullum take dacewa da ranar da kai ka yi Sallah ba. Ka rubuta kamar haka: "Muna yi wa abokan cinikinmu barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Daga 27 ga azumi za mu riƙa buɗewa ƙarfe 8 na safe zuwa 9 na dare, tare da ɗan hutu lokacin buɗa-baki. Shago zai kasance a rufe ranar da aka yi Idi bisa sanarwar Babban Limamin Ƙasa da kuma washegari. Za mu dawo a rana ta uku da ƙarfe 9 na safe, in sha Allah." Daren da aka tabbatar da ganin wata, sai ka ƙara layi ɗaya da ke faɗin sunan ranar.

Kada kuma ka manta da cewa a Kumasi kake. Matan Asante da ke sayen zani a wurinka ba su ƙirga kwanakin azumi, kuma jana'izarsu galibi ranar Asabar ce, don haka idan rufewarka ta faɗo Alhamis da Juma'a, su ma a sanar da su da Turanci ko Twi, a kuma manna takarda a ƙofar shago. Ita Hajiya, ka kira ta da kanka kafin azumi ya kama, ka ba ta haƙuri, ka gaya mata ranar da sabbin kaya za su sauka.