Kwamfuta ko na'ura mai ƙwaƙwalwa: wacce za a rubuta a takardar aiki?

Tambaya: Malam, an ɗora mini rubuta wa ma'aikatanmu takardar bayani da Hausa kan amfani da waya da kwamfuta. Yaushe zan bar kalmar Turanci, yaushe kuma zan sa ta Hausa?

Amsa: Malama, abin da nake fara dubawa shi ne ko kalmar ta riga ta zauna a bakin Hausawa, kuma nahawu ne ke nuna hakan. Muna cewa kwamfutar ofis da kwamfutoci, muna cewa fayil ɗin da fayiloli, wato kalmomin sun sami jinsi da jam'i kamar yadda mota da tebur suka samu tun da daɗewa. Irin waɗannan ki rubuta su da ƙa'idar rubutun Hausa, ba tare da wata fargaba ba. Na'ura mai ƙwaƙwalwa tana da daɗin ji, amma idan ta fito sau goma a shafi ɗaya za ta gajiyar da mai karatu, ga shi kuma wayar hannu ma ta cancanci wannan suna.

Inda Hausa take da kalmar da kowa ya sani, kamar manhaja, kalmar sirri, saƙo da saukewa, babu dalilin aro.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne inda kalmar Hausa ɗaya ta rufe ayyuka biyu da na'ura ta bambanta, kuma kalmar gogewa ce babban misali. A ce wata manhaja tana yawan maƙalewa a wayar Android, sai kika rubuta cewa a shiga saituna a goge bayananta. Ma'aikacin zai tarar da maɓallai biyu kusa da juna. `Clear cache` yana share tarkacen wucin gadi ne kawai, ba a rasa komai. Shi kuwa `Clear data`, wanda wasu wayoyin ke kira `Clear storage`, yana mayar da manhajar kamar yau aka saka ta, ya fitar da mutum daga asusunsa, abin da aka adana a cikinta kaɗai kuma ya tafi. Duka biyun gogewa ne a Hausa, don haka jimlarki ba ta gaya masa wanda zai taɓa ba.

Gyaran shi ne ki yi bayanin aikin da Hausa, sannan ki kawo sunan maɓallin harafi da harafi yadda yake a fuskar wayar: "Danna `Clear cache` domin share tarkacen wucin gadi, kada ka taɓa `Clear data`." A nan ba a fassarawa, ba a kuma Hausantar da rubutun, domin idon mai karatu yana neman abin da ya yi daidai da wanda ke gabansa. Sai dai ki tabbatar da harshen da aka saita wayoyin a kai, saboda sunan maɓalli yana sauyawa idan an sauya harshe.

Kafin ki raba takardar, ki miƙa wa mutum ɗaya da bai san aikin ba ya bi ta da wayarsa kina kallo. Duk inda ya tsaya yana tambayar wanne kike nufi, ki sa alama a kan kalmar ki sake ta.