Ko cika alkawari ya fi amfanin mutane uku?

Tambaya: "Na yi wa abokina alkawarin kai shi tashar jirgi da motata, sai wasu maƙwabtana uku suka roƙe ni in kai su jarrabawa a wannan lokacin. Ta ma'aunin amfanin mafi yawan jama'a, wanne ya dace?"

Wannan ra'ayi, wanda masanin falsafa ɗan Ingila Jeremy Bentham ya shimfiɗa a 1789, ba ƙidayar kawuna kawai yake yi ba, don haka uku ba su rinjayi ɗaya kai tsaye ba. Ana auna tsananin abin da kowa zai rasa, da tsawon lokacinsa, da tabbacin faruwarsa. Idan jarrabawar sau ɗaya ake yin ta a shekara kuma babu wata mota, asarar ɗaliban ta fi nauyi nesa ba kusa ba, musamman idan abokinka zai iya samun tasi. Idan kuwa su ne ke da wata hanyar, shi kuma tikitinsa zai salwanta, lissafin ya juya.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne manta cewa saɓa alkawari shi ma sakamako ne, domin yarda tana raguwa, gobe kuma abokinka ba zai ƙara dogara da maganarka ba. Wannan ne ya sa wasu masu ra'ayin suka koma auna amfanin ƙa'idar kanta, wato cika alkawari, maimakon auna kowane aiki shi kaɗai. A ganina, ka kira shi yanzu, ka nemi ya sauwaƙe maka, ka biya masa kuɗin tasi, sannan ka ɗauki ɗaliban.