Taura biyu da "kar ku manta": tambayoyi kan rufe gajeren bidiyo

"Malam, ina sayar da yajin daddawa a Tudun Wada, ina ɗora bidiyo a TikTok. A ƙarshe nakan ce 'to jama'a kar ku manta ku danna layik, ku yi sharin, ku yi folowin, ku ajiye kwament'. Ana kallo amma ba mai tankawa. Ƙanena ya ce taura biyu ba ta taunuwa, me yake nufi?"

'Yata, ƙanen nan naki ya ma yi miki ragi, don ke taura huɗu kika cusa wa mutane a baki. Taura dai ɗan itace ne mai ƙaton ƙwallo a ciki, ɗan naman da ke jikinsa sai an bi shi da haƙori ana gaigaya, guda ɗaya ma ta cika baki. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinta ba, shi ya sa za ka ji wani yana cewa "tauri biyu", wai shi a dole ya yi karin magana, Allah ya kyauta. Manufar ita ce abu biyu masu buƙatar hankali ba sa yiwuwa a lokaci guda. Mai kallon bidiyonki babban yatsansa na kan gilashin waya yana jiran ya ja sama, in kin roƙe shi abu huɗu sai ya tsaya zaɓe, shi kuwa ba zaɓe ya zo yi ba, sai ya wuce.

Amma ni abin da ya fi ci mini rai shi ne "kar ku manta". Wannan ba maganarmu ba ce, ɗauko ta aka yi daga bakin masu bidiyon Turanci aka sa mata hula. A Hausa ana cewa kar ka manta ne in da ma akwai alkawari ko saƙo tsakani, kamar ki aiki yaro kasuwar Sabon Gari ki ce kar ka manta da kanwa. To shi mai kallo yaushe ya yi miki alkawarin layik har da zai manta? Kunnensa ya ji jimlar nan a bakin kowa har ta daina shiga. Ga kuma "to jama'a" ɗin da kike farawa da ita, murya ta sauka, an ja numfashi. Ita ce ƙurunƙus ɗinki, kin kuwa san da an ce ƙurunƙus yara kan watse, ba mai zaman jin abin da zai biyo baya.

Ki duba da kanki. Ki shiga wajen ƙididdigar bidiyon, akwai zanen da ke nuna daƙiƙar da mutane ke ficewa. In layin ya tafi a hankali sannan ya faɗi tim daidai inda kika ce "to jama'a", to roƙon naki ma ba a ji shi ba balle a amsa. In kuwa an kai har ƙarshe amma shiru, to an ji, roƙon ne bai da abin kamawa.

Bari mu gyara. A ce bidiyon daƙiƙa 40 ne, kina nuna yadda kike daka yajin, barkono, daddawa, citta, har ki barbaɗa a kan ɗanwake. Kar ki bari sai kin aje cokali. A wajen daƙiƙa ta 33, hannunki na barbaɗawa, muryarki ba ta canza ba, ki ce: "Ni a ɗanwake na fi son shi, maigidana kuma sai a shinkafa da wake. Ku a kan me kuke sawa?" Shi ke nan, ki yanke, ba sallama ba godiya mai tsawo. Kin ga tambayar daga cikin kwanon ta fito, kuma amsarta kalma ɗaya ce ko biyu, wadda mutum zai rubuta da yatsa ɗaya yana cikin Keke Napep daga Kwangila zuwa Samaru. Kwatanta da "me za ku ce?", wadda ke neman mutum ya zauna ya tsara magana. Ba wanda zai yi miki wannan aikin kyauta.

Ranar da ciniki kike so ba hira ba, roƙon ya canza amma ya zauna guda ɗaya: "Ƙaramar roba naira kaza ce, mai so ya rubuta 'yaji' in turo masa lamba." Ki faɗi kuɗin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wannan "a zo ta ciki a ji farashi" yana korar mai ɗan kuɗi da ke tsoron jin kunya. Kuma in za ki rubuta roƙon a jikin bidiyon ki sa shi tsakiya, don ƙasan allon sunanki da bayanin bidiyo sun rufe shi, gefen dama kuma maɓallan layik da kwament ne jere. Sai sharaɗi, wanda duk ya rubuta "yaji" ki amsa masa a ranar. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, masu yaji kuwa a garin nan ba ke kaɗai ba ce.

"Malam, wanne ya fi: 'danna', 'ka danna', 'ku danna' ko 'a danna'?"

Ɗana, "danna" tsurarta umarni ne, kuma a nahawunmu mutum ɗaya ake ba shi, ba ta da jam'i. Ka faɗa wa ƙanenka, ba dattijon da ke kallonka ba ka sani ba. "Ka danna" ta fi laushi amma ta zaɓi namiji ta bar mata a waje, ko da yake mu Zazzagawa da ake yi wa tsiya wai muna cewa "mace ne", ko mu ba ma ce wa mace "ka". "Ku" ta ɗebe kowa kuma akwai girmamawa a ciki, ita nake ba da shawara. "A danna" ita ce ta ladabi sosai, irin ta "a shigo", "a ci abinci", ta dace da mai wa'azi ko mai koyar da sana'a, sai dai tana da rauni ɗaya, ba ta nuna kowa ba, don haka kowa na iya ɗauka da wani ake. In ka yi amfani da ita ka ɗaura mata mai ita: "wanda ke da irin wannan matsalar a injinsa, a rubuto mana sunan injin."

"Tsokaci ko sharhi, wanne ne kwament?"

Tsokaci. Sharhi daga Larabci yake, dogon bayani ne irin na malamai a kan littafi, ba wanda ke yin sa a ƙarƙashin bidiyon ɗanwake.

"Ina cewa 'ku danna linki a ƙasa' a YouTube Shorts, mutane na cewa ba ya dannuwa. Ko Hausar ce ba daidai ba?"

Hausarka lafiya lau, "dannuwa" ɗin ma ta yi mini daɗi. Linkin ne ba ya aiki, tun 2023 YouTube suka hana danna wanda aka sa a bayani ko kwament na Shorts. Ka haɗa gajeren bidiyon da dogon bidiyonka ta wajen Related video, wato inda ake maƙala wa Shorts wani bidiyo, sannan ka ce "cikakken bayanin na nan, ku taɓa sunan bidiyon da ke ƙasa", kana nuna wurin da yatsa.

"Abokina ya ce in rufe da tambayar da za ta tada rigima, wai kwament zai yi yawa. Akwai karin maganar da ta dace?"

Akwai, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kwament zai yi yawa ƙwarai, rabinsa zagin iyayenka ne, kuma masu zagi ba sa sayen kaya. Tambayi mutane ko fura da nono ko da madara, ka bar musu addininsu da garinsu.