Ɗan Daura da ranar Ostireliya

"Yaya, na samu gurbin karatu a Perth, sai ake ta ce min in yi hattara da rana. Ni da na tashi a zafin Daura, ga ni baƙi, wace rana ce za ta dame ni?"

Ƙanena, Allah Ya sanya alheri. Ni ma da wannan tunanin na sauka, har wata Asabar a watan Disamba. Muka je bakin teku, iska mai sanyi tana kaɗawa, ko gumi ban yi ba. Na cire hula, na yi awa uku a fili. Da daddare ƙeyata ta ɗauki raɗaɗi kamar an goga barkono, bayan kwana huɗu fatar hancina ta fara saɓulewa.

Abin da ya ƙone ni wani haske ne da ke cikin rana, ido ba ya ganinsa, jiki ba ya jin ɗuminsa. Shi ya sa zafi ko sanyin gari ba zai gaya maka komai a kansa ba, kuma siririn gajimare ba ya tare shi. Sai dai ka buɗe manhajar yanayi a wayarka ka nemi inda aka rubuta `UV Index`, wato lambar da ke nuna ƙarfin wannan hasken, ko ka sauke SunSmart, wadda ke nuna sa'o'in da ake buƙatar kariya.

Idan lambar ba ta kai 3 ba, fita abinka. Daga 3 kariya ta kama ka. Idan ta kai 8, tsakar rana ta inuwa ce. A nan lokacin zafi, Disamba zuwa Fabrairu, tana wuce 11 kusan kullum. Don haka nake gama zirga-zirgata da sassafe ko in bari sai bayan La'asar. In waya ba ta kusa, dubi inuwarka: muddin ta fi ka gajarta, nemi gindin bishiya.

Kayanmu na gida sun fi ƙananan kaya amfani. Riga mai dogon hannu tana rufe jiki, amma hular zanna ba ta kare kunne da ƙeya, sai malafa. Ka haɗa da tabarau mai tare hasken, don ido bai san baƙar fata ba. Inda tufa ba ta kai ba, shafa man kariya mai `SPF 50+` minti 20 kafin fita, kusan cokalin shayi ɗaya ga fuska da wuya da kunnuwa, ka sake bayan awa biyu ko in ka yi gumi. Alwala tana wanke shi, saboda haka bayan Azahar nake ƙarawa.

Gaskiya ne baƙar fata ta fi jurewa, amma tana ƙonewa, kuma tabon ƙuraje yana ƙara duhu. Ka nuna wa ƙanwarmu zabiya wannan lambar tun kafin ka taso, don a Daura ma tana hawa sosai da tsakar rana, kuma ita tata fatar ba ta da wannan juriyar.