Yadda ake gane hoton da aka sarrafa da kwamfuta

"An turo mini hoton wani taron jama'a a waya, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ta yaya zan gane ko na gaskiya ne?"

Abin da nake fara dubawa shi ne inuwa, domin idan an ɗauki hoto a fili da rana, inuwar kowa tana faɗuwa ne gefe guda, kuma tana manne da ƙafar mai ita. Na taɓa ganin hoton da inuwar mutum ɗaya ta karkata dama alhali ta sauran jama'a duk ta yi hagu, ashe yanko shi aka yi daga wani hoton aka liƙa.

Bayan haka ka buɗa hoton sosai ka ƙirga yatsu, ka kuma karanta rubutun da ke jikin alluna da riguna, domin manhajojin ƙirƙirar hoto sukan yi kuskure a adadin yatsu, kuma sukan fitar da haruffan da ba sa haɗa kalma. Sai dai sababbin manhajojin sun rage wannan kuskure ƙwarai, saboda haka kyawun hannu ba hujja ba ne. Ka saka hoton a Google Lens, wato manhajar bincike da hoto ta Google, ka ga inda ya fara fitowa da lokacin da aka wallafa shi.